An Raba Zaure, Kowa Ya Shiga Ko'ina

Duk zauren WhatsApp na unguwa da ladabi yake farawa. Mutum ashirin ne suka buɗe shi saboda taransifoma ta ƙone, ana neman karo-karo. Kafin shekara ta zagayo an haura ɗari shida, taransifomar kuwa tana nan a ƙone. Da can manhajar kanta tana yi mana magani, don mutum 256 kawai zaure ke ɗauka, sai a ce wa baƙo ya yi haƙuri ba wuri. A 2022 aka ɗaga zuwa 512, aka sake ɗagawa zuwa 1024, tun daga nan uzuri ya ƙare. Yanzu sanarwar jana'izar da za a yi ƙarfe biyu sai ta nutse ƙarƙashin hoton atamfa, da gardamar Arsenal, da muryar wani bawan Allah ta minti tara wadda rabinta gaisuwa ce. Sai bayan la'asar mutum zai gani, ya rubuta Allah ya jiƙansa, an riga an dawo daga maƙabarta.

A nan ne Sakataren ƙungiyar unguwa yake yanke shawarar raba zauren, kuma a nan yake fara tafka kuskure. Sai ya ɗauko tsarin mulkin ƙungiya ya buɗe zaure ga kowane kwamiti: Ilimi, Lafiya, Hulɗa da Jama'a, Tsare-tsare, Binciken Kuɗi, har guda tara. Alhali babu wanda ya taɓa turo komai a kan tsare-tsare tun da aka kafa unguwar. Abin da ya kamata ya yi ba shi da armashi: ya koma saƙonnin mako guda, ya ɗauki biro ya ƙirga me mutane suke turowa da gaske. Da ya yi haka, da ya ga tuli huɗu ne. Akwai rasuwa da ɗaurin aure da suna. Akwai ruwa da wuta da kuɗin 'yan sintiri. Akwai talla. Sai kuma hira, wato siyasa da ƙwallo da maganin da ke warkar da cuta arba'in. Na huɗun shi ne ya fi sauran ukun a haɗe, kuma dole a ba shi gida, domin in ba a ba shi ba zai kwana a gidan kowa.

To ga sanarwar Sakatare. Ya fara da sallama, ya gode wa Mai Unguwa, ya gode wa iyayen ƙungiya ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, ya tuna tarihin taransifoma, sannan a sakin layi na bakwai ya ce an yi “wasu 'yan gyare-gyare domin ci gaba.” Ya tura ta ranar Juma'a da safe, lokacin da mutum ɗari biyu ke turo hoton masallaci da furanni. Cikin kwata ta yi sama ta ɓace. Waɗanda suka gani suka amsa da “Masha Allah,” wanda a yaren zaure yana nufin ban karanta ba. Da dare kuma ya zauna ya riƙa jefa mutane cikin sababbin zaurukan da hannunsa. Gari na wayewa wani Alhaji ya tarar da kansa a zauren talla, ba ya cikin na tsaro, shi da ya sayi fitilun 'yan sintiri da kuɗinsa. Bai yi magana ba. Ya dai fita daga duka, ya aiko ƙaninsa ya tambaya ko laifi ya yi.

Abin da Sakatare bai gane ba shi ne, mu ba ma jin an raba maudu'i, mutane muke jin an raba. Kowa tambayarsa ɗaya: ina manya suke, kuma me ya sa ban cikinsu? Shi ya sa aikin yake farawa da ƙafa kafin waya. A je wa Liman da Mai Unguwa da Hajiyar da mata ke jin maganarta, a ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da muke tunani, me kuka gani?” Ba za su sauya komai ba. Amma ranar da wani ya kai musu ƙara, za su ce ai da saninmu, maganar ta mutu a nan.

Sanarwar kanta kada ta wuce abin da fuskar waya za ta nuna ba tare da an ja ba. Ga irin wadda ke aiki: “Salamu alaikum. Daga Litinin da safe, wannan zaure na sanarwa ne kawai, shugabanni ne za su riƙa turowa. Ba a cire kowa ba. Rasuwa, aure da suna: ga hanyar shiga. Ruwa, wuta da tsaro: ga ta. Saye da sayarwa: ga ta. Hira, siyasa da ƙwallo: ga ta. Kowa na iya shiga duk wanda ya ga dama. Mai tambaya ya kira Sakatare.” Jimlar nan ta “ba a cire kowa ba” ta fi sauran duka tsada. Sannan a maimaita ta da murya, ƙasa da minti ɗaya, saboda iyayenmu da ba sa karanta boko, kuma a roƙi mai karantawa ya daure kada ya ƙara nasiha. A tura ranar Asabar bayan isha'i, a liƙa ta a saman zaure. Manhajar tana ba da zaɓin awa 24, kwana 7 ko kwana 30, a ɗauki na ƙarshe. A bar mutane su shiga da ƙafarsu ta hanyar da aka ba su, wanda ya shiga da kansa ba ya ƙorafin inda aka ajiye shi.

Sai babban aikin, wanda kunya ke hana mu: rufe tsohuwar ƙofa. Ranar Litinin a shiga saitin zauren, a kashe `Send messages` ga sauran jama'a, ya zama shugabanni kaɗai ke turowa. In ba a yi haka ba, ba a raba komai ba, an dai ƙara zaure huɗu a kan ɗaya. Alamar tana fitowa cikin kwana biyu: hoton atamfar da kake gani sau ɗaya yanzu sau biyar yake zuwa, domin mai ita ta shiga ko'ina, kuma ba ta son wani ya ce an yi masa rowa. Wayarka da ke kuka sau ɗari ta koma kuka sau ɗari biyar, datarka ta ƙare ranar Laraba.

Ko an rufe, akwai shari'o'in kan iyaka, kuma gara a yanke su tun kafin su taso. Mai sayar da ankon biki, aure ne ko talla? Ɗan takarar kansila da ya yi alkawarin gyara taransifoma, wuta ce ko siyasa? Ƙa'idar da na ga tana riƙewa ita ce, in akwai farashi a ciki talla ne, in akwai hoton mutum da babbar riga da alamar jam'iyya hira ce. Wanda ya yi ɓatan kai a bi shi ta bayan gida a ce, “Yaya, wannan na zauren kasuwa ne,” kada a gyara masa a gaban ɗari shida, don daga nan sai a koma gardamar wa ya girmi wa.

Bayan wata guda a leƙa. Zauren da aka yi mako biyu ba a ce uffan ba a haɗe shi da maƙwabcinsa, a sanar da layi biyu. Sai dai a shirya, domin a cikin wannan watan an riga an naɗa masa shugaba da mataimaki da ma'aji, kuma shugaban ya buga katin gayyatar walimar naɗinsa.