Mutanen Gidan Abinci, Daga Sallama Zuwa Lissafi

A yawancin gidajen tuwo na Kano sai ka ci ka ƙoshi kafin a yi maganar kuɗi. Manyan wurare irin na Titin Gidan Zu ne wasu ke cewa ka biya a kanta tukuna. Tsakanin zaman mutum a kan benci da fitar da kuɗinsa bai fi magana huɗu zai yi ba: gaisuwa, tambaya, oda da neman lissafi. A cikin waɗannan huɗun ake gane kowa.

Na farko shi ne Sarkin Tafi. Ba ya sallama. Yana zama sai ya tafa hannu sau biyu, ko ya buga cokali a kan tebur, ya ce, "Ke! Zo nan!" Yarinyar za ta zo, amma sai ta gama goge teburin da babu kowa a kansa. Naman da za a ba shi kuwa ƙashi ne aka lulluɓe da miya. Da ya ce, "Salamu alaikum, sannunku da aiki," ya kira ta "ƙanwata" ko "baiwar Allah," ya kira mai wurin "Hajiya," da tsoka zai gani, har da ɗigon man shanu da bai roƙa ba. Baki shi ke yanka wuya, shi ne kuma ke zaɓo nama a tukunya.

Sai Malam Me-ake-da-shi. Tambayarsa daidai ce, domin a gidan tuwo ba komai ke sauka lokaci ɗaya ba. Waina ta safe ce, kafin azahar ta ƙare, farfesu kuma wani lokacin yana kan wuta. Saboda haka mai hankali kan ce, "Don Allah me ya sauka?" Matsalar Malam ita ce sai an lissafo masa komai: tuwon shinkafa, tuwon masara, sakwara, dambu, sinasir. Ya tambayi miya, a ce akwai kuka, taushe, agushi da kuɓewa. "Kuɓewar ɗanya ce ko busasshiya?" Busasshiya ce. "Taushen da kabewa?" Da ita. Ya yi shiru, ya dubi silin, ya ce, "To, a ba ni shinkafa da wake da mai da yaji." Abin da ya ci jiya ke nan, shi ya ci shekaranjiya.

Wanda ya fi ba ma'aikata wahala shi ne Alhaji Ƙaro. Odarsa ba ta fita gaba ɗaya. Cikakkiyar oda tana faɗin abu huɗu a numfashi guda, wato tuwon, yawansa, miyar da naman: "Don Allah a ba ni tuwon shinkafa malmala biyu, miyar taushe, nama biyu, a haɗo da ruwa." Alhaji da hakan yake farawa, amma yaro bai kai bakin madafa ba zai ji, "A ƙaro malmala ɗaya." Can kuma, "Naman nan ya yi laushi, a ƙaro biyu." Ƙamshi ya wuce ta bayansa: "Wannan farfesun kayan ciki ne? A ɗanɗana mini faranti guda." Lemo biyu suka bi baya, saboda yajin.

A ce malmala naira 500 ce, yankan nama 700. Abin da Alhaji ya riƙe a kansa shi ne odar farko, 2,400, da ruwa na 200. Ƙarin malmala 500, ƙarin nama 1,400, farfesu 2,500, lemo 1,000. Jimla 8,000. Idan wurin irin mai buga rasit ne, za a ɗora harajin sayayya, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020, wato ƙarin 600. Ana miƙa masa takardar 8,600 sai ya gyara hula ya ce, "Kai yaro, saniya na ci?" Yaron kuma, cikin ladabi: "A'a ranka ya daɗe, bari in karanto maka." Babu laifi mutum ya duba lissafi, domin kuskure na faruwa, musamman idan an haɗa tebur biyu. Sai dai akwai yadda ake cewa: "Don Allah ɗan sake duba mini, kamar lemo ɗaya na sha." Wannan ya bar wa kowa ƙofar fita, har da shi Alhajin idan aka nuno masa kwalba ta biyu a ƙarƙashin kujera.

Akwai kuma Mai Amsa Tayi. Kowa ya san idan abincinka ya iso kafin na maƙwabcinka za ka ce "Bismillah," shi kuma ya ce "Alhamdulillahi" ko "Na gode, a ci lafiya." Shi ke nan an fita haƙƙin juna. Wannan bawan Allah yana jin tayi sai ya naɗe hannun riga, ya jawo kujera, ya ce, "Ai ba a ƙin tayin ɗan'uwa." Ya ma ɗaga murya a madadinka: "A ƙaro mana nama!" Wannan "mana" a takardarka za ta fito.

Idan aka zo biya, abokai sukan rabu gida biyu. Ka'idar da ba a rubuta ba ita ce, wanda ya ce "Zo mu je mu ci abinci" shi ke biya, haka ma wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗan'uwa, a yi mana lissafi," ko "Hajiya, nawa ne kuɗinmu?" Mai niyyar biya da gaske ba ya hayaniya. Zai tashi kamar zai wanke hannu, ya bi ta kanta ya sallami Hajiya, in ka nemi lissafi a ce maka, "Ai an biya." Gwanin Laluben Aljihu shi ma yana tashi wanke hannu, amma ba ya dawowa sai ya ga an karɓi canji. Idan aka ritsa shi a zaune, sai ya fara rantsuwa: "Wallahi ba za ka biya ba!" Hannunsa na cikin aljihun gaba, ya koma na gefe, ya shiga na 'yar ciki. Babbar riga aljihu gare ta, kafin ya gama zagaye kai ka biya. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Ka riga ni. Allah ya ƙara buɗi."

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 aka sami sabon iri, Malam Na-tura. Ya ci ya sha, ya karɓi lambar asusu, ya nuna wa yaro fuskar waya daga nesa: "Ga shi, ya tafi." Hajiya ta duba tata wayar, shiru. "Yallaɓai, ɗan zauna, alat bai shigo ba." Nan za a fara zagin banki. Wani da gaske ya tura, sabis ne ya riƙe. Wani kuwa hoton rasit ɗin makon jiya yake nunawa, shi ya sa Hajiya ke duba kwanan wata da sunan asusu. Mai mutunci tun kafin ya yi oda yake tambaya, "Kuna karɓar taransifa, ko akwai na'urar kati?" In ya tura, ya ce, "Na tura, a duba, zan jira ya shigo."

Na ƙarshe ba ya jan hankalin kowa. Dattijo ne mai keke, ya yi sallama, ya faɗi abin da yake so sau ɗaya, ya ci, ya ce, "Hajiya, miya ta yi daɗi, Allah ya yi albarka. Nawa ne nawa?" Ya biya, ya bar wa yarinyar da ta kawo ruwa canjin ɗari, aka ce masa, "Mun gode Baba, sai gobe." Ran da albashi ya yi jinkiri, shi kaɗai Hajiya ke ce wa, "Ci abinka, ka kawo ƙarshen wata." Sarkin Tafi ya taɓa gwada neman irin wannan alfarmar, aka nuna masa allon da aka rubuta ba a ba da bashi.