Mu da Lissafin Konje

Mu mutanen Madawa, Buza da Keita mun iya lissafi. Mai albasa zai faɗa maka buhu nawa mota za ta ɗauka tun kafin a ɗaure igiya, tsohuwa kuma ta san kwana nawa ya rage a yi suna ba tare da ta duba kalanda ba. Amma da zarar an ce ma'aikacinmu ya rubuta takardar neman hutun shekara, wanda muke kira konje, sai ka ji ya ce: "Zan tafi farkon wata, in dawo bayan kwana ashirin." Wannan magana ta wadatar a fada, wurin shayi, inda kowa ya san kowa. A biro ba ta wadatar ba, domin can ranar fita da ranar komawa ake so a rubuce.

Maganar ta taso a fadarmu ta Madawa lokacin da wani ƙanenmu, direban wata ƙungiya mai aiki tsakanin Buza da Keita, ya zo da takardarsa a duba masa. An yarje masa kwana ashirin na aiki, yana son ya fara ranar Litinin 1 ga Disamba 2025. Ya rubuta zai koma aiki ranar 22 ga wata.

Wani dattijonmu, tsohon sakatare da ya yi ritaya, ya karɓi takardar ya gyara tabarau.

"Yaro, yaya ka ƙirga?"

"Baba, ɗaya zuwa ashirin. Ashirin ga wata Asabar ce, sai na ce in koma Litinin."

"To ka yi wa patoronka kyautar fiye da mako guda. Miƙo kalandar can."

Aka ciro kalandar daga bango, ya ɗora ta a gwiwa, ya ɗauki tsinken ashana yana nunawa. A wurin aikin yaron, daga Litinin zuwa Jumma'a ake aiki, don haka Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Makon farko, daga 1 zuwa 5 ga wata, kwana biyar. Mako na biyu, daga 8 zuwa 12, sun zama goma. A mako na uku ne tsinken ya tsaya a kan Alhamis 18 ga Disamba, ranar bikin Jamhuriya, wadda duk ƙasar Nijar ke hutawa. A lissafin kwanakin aiki, ranar da ba a aiki ba ta cin konjen mutum, saboda haka makon ya ba da huɗu kawai, jimla sha huɗu. Mako na huɗu ma haka, domin Alhamis 25 ga wata Kirsimeti ce: sha takwas ke nan. Saura biyu, Litinin 29 da Talata 30. Ranar ƙarshe ta hutu Talata 30 ga Disamba, komawa aiki Laraba 31.

"Baba, ashe har kwana tara na so in zubar!"

"Da ka zubar, kuma ba wanda zai bi ka da su har gida."

Wani malamin makaranta da ke zuba shayi ya ce shi a lissafinsa 29 ga wata ya samu, tunda kwana ashirin na aiki mako huɗu ne cif. Gaskiyarsa a watan da babu ranar biki a ciki: wanda ya fita Litinin, Litinin ta huɗu bayanta zai koma. Abin da ya tsallake shi ne 18 da 25. Irin wannan kuskure shi ya fi yawa a wurinmu, don lissafin ya yi kama da daidai.

Akwai kuma abin da dattijon ya fi nanatawa, wanda ni ma nake ganin shi ne tushen rigimar da ake yi a biro. Kafin ka ƙirga komai, duba kwantiraginka ka ga wane irin kwana ake nufi. Takardunmu na aiki galibi da Faransanci ake buga su, kuma kalmomi biyu da za ka gani sun yi kama. In an rubuta "jours ouvrés", ranakun da ake buɗe wurin aikin ne kawai. In an rubuta "jours ouvrables", Asabar tana ciki ko da ba ka zuwa. Da wannan na biyun aka yi wa ƙanenmu lissafi, da makon farko ya ci shida, na biyu sha biyu, na uku sha bakwai, hutun ya ƙare Laraba 24 ga wata, ya koma Jumma'a 26 bayan Kirsimeti. Kwana biyar ke tsakanin 26 da 31. Wanda ya ɗauka 31 ce alhali biro na jiransa 26, an rubuta masa fashin aiki ke nan, ana kuma iya yanke masa albashi.

Ita dokar aiki ta Nijar, ta 25 ga Satumba 2012, kwana biyu da rabi take ba ma'aikaci a kowane watan da ya yi aiki, wato talatin a shekara, kuma da kwanakin kalanda take ƙirgawa, har da Asabar da Lahadi. Talatin ɗin nan sukan yi daidai da kwana ashirin da biyu na aiki ko kusa da haka. Don haka wanda aka ba ashirin ya tambayi mai kula da ma'aikata ko yana da saura a ajiye.

Jumma'a ma takan ruɗe mu. Saboda ana tashi da wuri a tafi masallaci, sai wasu su ɗauke ta rabin kwana. A lissafin konje, kwana guda ce.

Da aka gama, aka sake rubuta takardar. A sama sunan gari da kwanan wata, sai sunansa da aikinsa, sai wanda ake aika wa. Ga ma'anar abin da ke cikinta:

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin hutun shekara na kwana ashirin na aiki, daga Litinin 1 ga Disamba 2025 zuwa Talata 30 ga Disamba 2025, har da ita. Ban sa Asabar da Lahadi da ranakun 18 da 25 ga wata cikin lissafi ba. Zan koma aiki Laraba 31 ga Disamba, in Allah ya yarda. Abokin aikina zai riƙe motar da takardunta har in dawo."

Ka lura da "har da ita". Mu mun saba cewa "zuwa talatin ga wata", mai ji bai sani ba ko ranar kana gida ko kana biro. Shi ya sa ake rubuta ranar ƙarshe dabam, ranar komawa dabam, kowace da sunanta na mako.

Hutun da ya haɗa da Sallah ko Mauludi yana da nasa sha'ani, tunda sai an ga wata sannan gwamnati ke tsai da rana. A nan sai ka ƙara layi guda cewa ranar komawa za ta matsa daidai da sanarwar.

Saura halinmu na kai takarda ana gobe tafiya, bayan mun riga mun faɗa wa dangi a Keita su sa ran ganinmu. Neman izini ba samun izini ba ne, patoro yana iya matsar da ranar in aiki ya yi yawa, kamar lokacin da motoci ke ta zirga-zirga ƙauyuka. Ku kai da wuri, 'yan uwa, kamar wata guda kafin tafiya. Ku yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku, kada kuma ku ɗaure kaya sai amsa ta fito a rubuce.