Wata Tara, Albashi Takwas

Ranar 10 ga Janairun 2025 na dawo gida da takardar kuɗin makaranta a aljihu, ina tafiya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. 'Yar autata za ta shiga ƙaramar sakandare a watan Satumba, makarantar kuɗi ce, kuma na yi rantsuwa bana ba za a gan ni a ƙofar kowa ina sosa ƙeya ina "dama wata 'yar matsala ce ta taso" ba. Takardar ta ce naira 180,000 kuɗin shiga da na zangon farko, a biya kafin Litinin 8 ga Satumba.

Bayan sallar isha'i na sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, na ɗauko biro da bayan tsohuwar kalanda. Na ƙirga da yatsu: Janairu, Fabrairu, Maris, har zuwa Satumba. Wata tara cif. Na raba 180,000 gida tara, ya ba ni 20,000 babu ko ɗigo a bayansa. Lissafin ya fita sumul, har na ji kamar makarantar ta tuntuɓe ni kafin ta yanka kuɗin.

Uwargida tana gefe tana tsince shinkafa. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta duba gaba, ta juya baya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, anya kuwa..."

Na ɗaga mata hannu. Na ce, "Ke dai ki ji da tukunya. Shekara goma sha bakwai ina aikin akawu, ba yau za a koya mini rabawa ba."

Ta ce, "Allah Ya ba da sa'a," ta ninke takardar ta miƙo mini. Da ina da wayo, da na lura da yadda ta faɗe shi. Irin addu'ar nan ce da ake yi wa wanda ya ce zai tsallake rijiya da baya.

Ƙarshen Janairu albashi ya shigo, na cire 20,000 na jefa a asusun katako da kafinta ya buga mini. Ƙarshen Fabrairu ma haka, duk da azumi ya tsaya a bakin ƙofa, don ranar 1 ga Maris aka tashi da shi. Sai ga albashin Maris ya faɗo ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da ke faruwa da albashin da ya yi karo da Sallah: shadda, atamfa, kuɗin tela, takalman yara, kaji, zakkar fidda kai, ga goron Sallar 'yan uwa da ba ka san kana da su ba sai ranar. Na tsaya gaban asusu, na shafa shi, na ce masa ya yi haƙuri, wata mai zuwa zan ninka.

A tsakiyar Afrilu ne asirina ya tonu, kuma a hannun yarinyar da ake tara kuɗin dominta. Tana aikin gida na lissafi, sai ta ga kalandata a ƙarƙashin rediyo. Ta karanta, ta ɗago kai.

"Baba, yaushe ake ba ku albashin Satumba?"

Na ce, "Ƙarshen wata mana, kamar kullum."

"To ai 8 ga wata za a biya kuɗin."

Na buɗe baki, na rufe. Na sake ƙirgawa da yatsu, wannan karon ina ƙirga ranakun da kuɗi ke shigowa hannuna tsakanin ranar da na fara da ranar da za a biya. Ƙarshen Janairu, na Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta. Yatsa takwas. Na tara yana nan a miƙe, ba shi da aikin yi. Sunan Satumba yana cikin kalanda, amma albashinsa zai iso ne bayan an yi mako uku da rufe ƙofar biya. Ashe tun ranar farko da takwas ya kamata in raba, ba da tara ba, abin da zai ba ni 22,500 a wata. Ko da ban tsallake wata ko ɗaya ba, da 160,000 zan isa makarantar, in tsaya ina yi wa mai karɓar kuɗi bayanin yadda ake ƙirga watanni.

Ina cikin haɗiye wannan, sai ta ce, "Baba, ka ga bayan takardar makarantar kuwa?"

Ban gani ba. Wa yake duba bayan takarda? A can aka jera kayan makaranta kala biyu, kayan wasanni, littattafai da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, jimilla 36,000, kuma duk a makarantar ake saye, ba a yarda ka kai wa telan unguwa ba. Ke nan abin da ake bi na 216,000 ne. In an raba shi takwas, 27,000 ya kamata in riƙa ajiyewa tun Janairu. Ni kuwa ina jefa 20,000 ina tafiya ina buɗa kafaɗa.

Uwargida tana ɗaki tana jin mu. Ko tari ba ta yi ba.

Yarinyar ta karɓi biron, ta zauna ta yi mini abin da malaminsu ya koya musu. Ta ce ba a komawa baya a yi ta kukan abin da ya wuce, sabon lissafi ake yi daga inda aka tsaya. A rubuta duk abin da ake nema, a cire abin da ke hannu, sauran a raba shi da adadin albashin da ya rage kafin ranar biya. Abin nema 216,000. Abin da ke cikin asusu 40,000. Saura 176,000. Albashin da ya rage biyar, daga Afrilu zuwa Agusta. Ya kama 35,200 kowane wata.

Na ce, "To, da sauƙi."

Daga ɗaki sai murya ta fito a karo na farko: "Babbar Sallah fa?"

Nan ma gaskiya ce mai ɗaci. Layya za ta kama farkon Yuni, ta kuwa kama, ranar 6 ga wata, don haka albashin ƙarshen Mayu tun kafin ya zo an riga an ɗaura masa igiya a wuya. Wannan shi ne abin da kalandar bango ba ta gaya wa mai tari: watannin ba ɗaya suke ba, akwai waɗanda suke zuwa da bakinsu a buɗe, kuma Sallah tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, sai ka duba inda za ta faɗa a bana, ba inda ta faɗa bara ba. Muka cire Mayu. Albashi huɗu ya rage. 176,000 gida huɗu, 44,000.

Daga 20,000 zuwa 44,000, a zama ɗaya, ban tashi daga kan tabarma ba.

A nan rabawa ta kai iyakarta. Biro zai ba ka kowace lamba ka tambaye shi, amma bai san farashin masara ba. Na zauna na fitar da abinci, haya, man babur, kuɗin wuta da ba a kawowa, na ga duk iya matse cikina abin da zan iya warewa 34,000 ne. Sau huɗu, 136,000. A haɗa da na asusu, 176,000. Giɓin 40,000 ya tsaya yana kallona. Idan abin da lissafi ya nema ya fi abin da ke raguwa a albashi, ƙofofin da suka rage kaɗan ne: a rage abin da ake nema, ko a roƙi a ɗaga ranar biya, ko a samo kuɗi daga wani wuri. Na je makarantar na gwada ta biyu. Mai karɓar kuɗi ya saurare ni da ladabi, ya ce a zango na biyu ana yarda a biya kashi biyu, amma sabon ɗalibi sai an cika. Na ce ko za a bar kayan wasanni, yarinyar ba ta da sha'awar guje-guje. Ya ce Allah Ya shirye ta.

Asusun katako kuma na sallame shi, bayan na kama kaina da tsakar dare ina zura masa tsinken tsintsiya. Na buɗe asusun ajiya a banki na ƙi karɓar kati, ranar da albashi ya shigo a ranar nake turawa, kafin kuɗin su san hanyar gida. Wani abokin aikina ya ce ribar banki za ta cike giɓin. Ribar da ta taru a wata huɗu ko katan ɗin taliya ba za ta saya ba.

Na cika alkawari a Afrilu, Yuni, Yuli. Sai a tsakiyar Agusta saƙo ya shigo waya: saboda halin da ake ciki, an ƙara kashi goma cikin ɗari a kan kuɗin makaranta. 180,000 ta koma 198,000. Takardar Janairu farashin Janairu ce, ni kuwa na riƙe ta kamar an sassaƙa a dutse, ban ɗora ko sisi a kai don irin wannan rana ba. Yanzu abin nema 234,000, abin da zan samu 176,000, giɓi 58,000.

Daren Lahadi, ana gobe biya, na goge babur ina tunanin nawa zai yi a kasuwa. Uwargida ta fito ta ajiye ƙullin leda a kan tabarma. Na kwance. Dubu sittin.

Na ce, "Ina kika samo?"

Ta ce, "Adashi. Mu takwas ne, 7,500 duk wata tun Janairu. Na ce a ba ni kwasar ƙarshe, ta Agusta, don ta faɗo kafin a koma makaranta."

"Me ya sa 7,500?"

"Ranar da ka ce in ji da tukunya na juya takardar. Na ga 27,000 ya kamata, kai kuma ka ce 20,000. Bambancin dubu bakwai ne. Ɗari biyar ɗin kuma na ƙara ne saboda na san halinka."

Na yi shiru, sannan na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba: a ina take samun kuɗin zubi?

"A tukunyar da ka ce in ji da ita."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa wata takwas ina laluben nama a miya kamar mai neman allura a rairayi, ina ta zagin mahauta. Ta ƙirga 58,000 ta ba ni, ta soke dubu biyu a bakin zane, ta ce ladan akawu ne.

Washegari na biya, aka ba ni rasit, na juya bayansa tun kafin in bar tagar. Zango na biyu 150,000, a biya a makon farko na Janairu. A kan babur, yarinyar tana bayana cikin sabbin kayan makaranta, na saki hannu ɗaya na fara ƙirgawa: Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janai...

Ta kama babban yatsana ta lanƙwashe shi. Ta ce, "Baba, huɗu ne. Dubu talatin da bakwai da ɗari biyar. Ka riƙe kan babur."