Lambar Alhaji ta fi hajarsa kyau

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, aka samu sabon abin taƙama bayan babbar riga da mota, wato lamba mai kyau. A kasuwar Talata Mafara, idan dillalin shinkafar Bakolori ya tashi karanto lambarsa, sai ya gyara murya ya jero bakwai-bakwai har sau huɗu, sannan ya dakata a ce masa "Allah ya ƙara arziki, Alhaji." Kamfanonin waya sun san wannan rauni namu, da Etisalat ya zo a 2008 da 0809, da "zaɓi lambarka" ya ja jama'a.

A gaskiya lamba mai sauƙin haddacewa tana da ranarta, amma wuri ɗaya ne: inda mai saye ba shi da damar rubutawa. Wanda ya ji talla a rediyo yana kan babur, ko ya hango lamba a bayan motar taki ta nufi Bakura, ƙwaƙwalwarsa kaɗai ce littafinsa. Lambobi goma sha ɗaya sun yi mata yawa, maimaici ne ke rage mata nauyi. Za a ce ai waya na ajiye lamba. Haka ne, amma sai lambar ta shiga wayar tukuna.

Inda abin ya zama wasan yara shi ne kwaikwayon 'yan kasuwar Amurka masu mai da lamba kalma. Dabarar tana kan madannan waya: 2 na ɗauke da ABC, 3 DEF, 4 GHI, 5 JKL, 6 MNO, 7 PQRS, 8 TUV, 9 WXYZ, 0 da 1 kuwa ba su da ko harafi. Cikin lambobi goma sha ɗayan nan, huɗun farko na layi ne, saura bakwai. Mai TUMATIR ya dace, haruffansa bakwai cif, 8862847. Mai SHINKAFA kuwa takwas gare shi, sai dai ya guntule wutsiya ya koma sayar da "shinkaf". Ga kuma cunkoso, tunda haruffa uku ko huɗu ke kwana a madanni guda: KAYA da LAYA duk 5292 ne, JAKA da LAKA duk 5252. Ƙ da ɗ da ɓ ko gayyatarsu ba a yi ba. Manomin Maradun da ya saba a karanto masa lamba bibbiyu, wa zai zaunar da shi lissafin haruffa?

Saboda haka mai son lamba mai kyau ya nemi maimaici, ya bar haruffa. Sai dai ko bakwai goma ya jera, ba za su hana mai saye fushi ba idan Alhaji ya ga kira ya kife wayar, don yana zaton mai bin sa bashi ne.