Takardar Bankwana: Da Mai Tafiya Ake, Ko da Mai Shigowa?

Na san abin da za ka ce, malam mai karatu, tun kafin ka gyara zaman hularka. Za ka ce takardar bankwana da ma'aikata ke haɗa wa shugabansu munafunci ce aka sa wa firam. Mutumin da suka shekara takwas suna kira "Baba Sai-Gobe" a bayan idonsa, yau ya zama uba, ya zama inuwa, ya zama gatan marasa gata. To, na ji. Amma bari in tambaye ka: ran da naku ogan ya tafi, wa ya rubuta cewa ofis ya zama maraya? Kada ka sunkuyar da kai, na gane rubutun hannunka.

Ai ba laifinka ba ne. Tsarin aikin gwamnati da kansa yake dafa wannan fargabar. Ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa, kuma ana son ya ba da sanarwa wata uku kafin ranar. A ma'aikatun tarayya ma, tun 2023 aka dawo da ƙa'idar cewa darakta ba ya wuce shekara takwas a kujerarsa. Ke nan kowa ya san ranar tafiyar oga tun da nisa, kuma wata ukun nan na ƙarshe ba a aikin komai sai binciken wanda zai gaje shi. Direba ya tambayi direban can, sakatariya ta kira ƙawarta a hedikwata. Kafin mako ya zagayo labari ya cika ofis: wai mutumin ƙarfe bakwai da rabi yake isowa, ƙarfe takwas ya ja jan layi a rajistar sa hannu, kuma takardar tuhuma ba ta yi masa wuyar rubutawa. Rabin labarin ƙari ne, amma wa zai tsaya tantancewa?

A cikin wannan hali ne ake zagawa da takarda a ce kowa ya rubuta wa mai tafiya kalma biyu. Ga kuma abin da ku masu shakka ba ku lura da shi ba: ran walima sabon shugaban yana zaune a babban tebur, kafaɗa da kafaɗa da tsohon, da robar ruwa a gabansa, yana saurare. Ma'aikata kuwa sun san haka sarai. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka ma wanda ya yi yabo. Idan ka ji an ce "Yallaɓai bai taɓa wulaƙanta ƙaramin ma'aikaci a gaban jama'a ba", fuskar mai magana tana kallon tsohon oga, amma saƙon na maƙwabcinsa ne. Munafunci kuke kira, ni kuwa koke nake gani, daga mutanen da ba su da wata ƙofa ta shigar da shi. Masinja mai mataki na uku ba zai ƙwanƙwasa ofishin sabon darakta ya ce "ranka ya daɗe, ga yadda muke so a riƙe mu" ba. Wannan takardar ce kaɗai damarsa, kuma ba ta zuwa sai bayan shekaru.

Sai dai dama ce mai kaifi biyu, shi ya sa wanda aka ɗora wa haɗa takardar yake da aiki ja. An taɓa ɗora mini shi a wata ma'aikatar jiha, inda daraktanmu ya cika shekara 35 yana aiki, magajinsa kuma yana zuwa daga wani sashe da sunan tsanani yana gabansa. Ban ce kowa ya rubuta abin da ke ransa ba, domin abin da ke ran mutane a lokacin tsoro ne, ba ya karantuwa a taro. Tambaya guda na ba kowa a ƙaramar takarda: wane abu guda ka ga Yallaɓai ya yi da idonka, wanda ba za ka manta ba? Na ce a maido mini hannu da hannu, kada kowa ya ga na wani. Dalili kuwa, da zarar mataimakin darakta ya fara rubuta "shugaba nagari mai hangen nesa" a saman takarda guda, duk wanda ta iso wa zai kwafa ya ƙara "ƙwarai". Waɗanda boko bai zauna musu ba, masu shara da maigadi, zama na yi da su suka faɗa na rubuta, kuma nasu ya fi na kowa nama.

Yanzu ga abin da ya dawo, ku kuma ku yi hukunci.

Direban ofis ya rubuta: "Yallaɓai mutumin kirki ne, ko na tafi da mota gida ƙarshen mako ba ya tambaya." Allah sarki. Da zuciya ɗaya ya rubuta, amma ka karanta wannan a gaban mutumin da aka ce yana ƙirga litar mai, ka ga ranar Litinin ko ba a karɓe makulli ba. Na koma wurinsa na ce, malam direba, ba wani abin kuma? Ya yi shiru, sannan ya ce duk tafiyar da suka yi, Yallaɓai ba ya zama cin abinci sai ya tabbatar an ba shi nasa, kuma kuɗin kwanansa ba ya wuce mako ba a biya ba. Wannan na saka. Yabo ne na gaskiya, ba ya tona kowa, kuma sabon oga ya ji cewa a nan an saba biyan direba haƙƙinsa a kan lokaci.

Wani daga sashen kuɗi ya rubuta cewa Yallaɓai yana sa hannu a bauca ko rasit bai cika ba, saboda ya yarda da mutanensa. Kai, bawan Allah! Mutum yana shirin bin takardun fanshonsa, masu binciken kuɗi ba su rufe littafin shekara ba, kai kuma ka rubuta masa shaida da sa hannunka? Wannan ban gyara ta ba, mayar masa na yi ya yaga da kansa. Duk jimlar da ke cewa shugaba ya kau da kai daga ƙa'ida don ya kyautata maka, ba ta shiga takardar da za a karanta a lasifika. Ka same shi a gida ka yi godiyarka.

Kaso mafi yawa kuwa jimla ɗaya ce da riguna daban-daban: "Ba za mu ƙara samun kamarka ba." "Wa zai share mana hawaye?" "Allah Ya sa kada mu ga bambanci." A nan ne na san za ku ce na cika tsoro, ai magana ce ta al'ada. Al'ada ce a gidan biki, inda ba wanda zai rubuta maka rahoton ƙarin girma. Ka sa kanka a kujerar mutumin: bai ko ga teburinsa ba, an riga an sanar da jama'a cewa ya gaza. In mai haƙuri ne ya haɗiye. In ba haka ba, ya riƙe sunan, kuma kai da kanka ka rubuta masa shi a ƙasan jimlar. Hanyar gane irin wannan jimla mai sauƙi ce: ka karanta ta a ranka kana kallon sabon shugaban. In ka ji kana son kau da ido, cire ta.

Wadda ta fi burge ni ta wata Hajiya ce mai kula da rajistar fayil. Ta rubuta cewa duk ranar Laraba Yallaɓai yana barin ƙofarsa a buɗe awa guda bayan azahar, kowa ya shiga ba sai ta hannun sakatariya ba, kuma a nan ne ta faɗa masa fayil ɗin ƙarin girmanta ya shekara biyu a kwance, ya sa aka tono shi. Dubi abin da ta yi. Ba ta ce shi mala'ika ba ne, ba ta ce na gaba azzalumi ba ne. Ta faɗi rana, ta faɗi lokaci, ta faɗi amfanin da aka samu. Duk shugaban da ya ji wannan ya samu abin da zai iya ɗauka gobe ba tare da an ce ya kwaikwayi halin wani ba, domin tsari ne, ba hali ba. Ba wanda zai iya zama wani mutum don an roƙe shi, amma buɗe ƙofa ranar Laraba bai fi ƙarfin kowa ba. Da ita na buɗe takardar, na ajiye ta mataimakin darakta a ta biyu. Ya ɗan kumbura, ya huce.

Tsawo kuma, kada a wuce shafi biyu, abin da za a karanta cikin minti biyar. Shinkafa tana hucewa, kuma bayan minti biyar ba mai ji sai mai karatun. Sunaye na jera su duka a ƙarshe, ban liƙa kowane suna a jikin jimlarsa ba sai wanda ya ce a liƙa. Ta haka kowa ya sa hannu, ba kuma wanda aka ware. Sannan sakin layi na neman gafara, wanda ba a bankwana a ƙasar Hausa babu shi: abin da muka yi maka a sane ko a rashin sani ka yafe mana, mu ma mun yafe. Wannan "mu ma mun yafe" ita ce amsarku, ku masu cewa an mayar da Baba Sai-Gobe waliyyi. Duk fayil ɗin da ya kwana a teburinsa yana cikin waɗannan kalmomi huɗu, kuma shi ma ya gane, don murmushi ya yi.

Shi kuma sabon, jimla biyu ya samu: maraba, da addu'ar Allah Ya taya shi riƙo. An so in ƙara "mun ji labarin adalcinka", na ƙi. Labarin jan layi muka ji, kuma shi ma ya san abin da muka ji.

To, ta yi aiki? Na ga kun miƙe zaune, kuna jiran in ce mutumin ya narke. Bai narke ba. Jan layi ya zo kamar yadda aka faɗa, ƙarfe takwas daidai, kuma cikin watan farko mutum uku suka karɓi takardar tuhuma, har da mai bauca, a kan makara. Motar ofis ta koma kwana a harabar ma'aikata. Amma ya nemi kwafin takardar daga sakatariya, kuma ƙofar Laraba ta ci gaba da buɗuwa, sai dai ya mayar da ita Alhamis, ya rage ta zuwa rabin awa, don kada a ce. Hajiyar rajista ce ta fara shiga, da fayil ɗin masinja a hannunta.