Ni da Masu Kallon Sitatus Ɗina

Kowace mai sana'a da irin ciwonta. Wata ba ta iya hana bashi, wata hannunta ya cika sake wajen zuba suga. Ni nawa ciwon ƙirga masu kallo ne. Ina soye-soyen Sallah a gida, a nan Tsamaye ta ƙasar Sabon Birni, ina shirya tire na cincin, dublan, alkaki, samosa, kek da soyayyiyar kaza, ina tallata su a sitatus na WhatsApp. Daga na ɗora hoto, to hankalina ya bar jikina. Ƴar alamar idon nan da ke ƙasan hoto, wadda ke nuna mutum nawa suka kalla, ita ce uwar ɗakina. Mai na kan wuta, ina dubawa. An kira sallah, sai na leƙa kafin in yi alwala. Ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, mutane na neman inda za su kamo sabis ɗin Nijar don su ji lafiyar ƴan uwa, ni kuwa sai in tsinci kaina ina buɗe waya ina neman masu kallon da babu hanyar da za su kalla.

Da a kallon abin ya tsaya, da da sauƙi. Matsalar ita ce da wannan lambar nake cefane.

A wata ƙaramar Sallah, goman ƙarshe na azumi ta kama, na yi tire guda na gwaji, na fitar da shi tsakar gida da hantsi, na ɗauke shi hoto. Hoton ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kafin sahur masu kallo sun haura ɗari biyu. Saƙonni suka yi ta shigowa: “Masha Allah”, “Allah ya sa albarka”, “Kai, yawuna ya tsinke”. Wasu suka ce “nawa?”, na faɗa musu, suka ce “to, za mu yi magana”. Sai na zauna na yi lissafin da ko ɗan firamare zai yi wa dariya. Na ce ko mutum ɗaya cikin goma ya saya, tire ashirin ke nan. Na aika aka auno fulawa, suga, bota da man gyaɗa na tire ashirin, aka kamo kaji, alhali ko sisi ba wanda ya ba ni.

Ga yadda kuɗin suka kasance. Kowane tire, idan na haɗa kayan haɗi da itace da ledar naɗi da shi kansa tiren, yana cin naira 11,000, ina sayar da shi 15,000. Riba 4,000 ke nan, ban cire wahalata ba. Tire ashirin sun ci 220,000. Ranar jajibiri mutum takwas suka aiko, na karɓi 120,000. Alhali sai na sayar da tire goma sha biyar kafin ma uwar kuɗina ta dawo. Tire ɗaya da aka bar min yana cinye ribar kusan tire uku. Cincin da dublan da alkaki sun rufa min asiri, don suna jure ajiya, na ƙulla su a leda na yi ta sayarwa har bayan sittu Shawwal. Samosa da kaza kuwa ba su san haƙuri ba, a garin da ba a dogara da wutar lantarki, ga zafin bazara. Yaran gidanmu da na maƙwabta suka yi Sallar da ba su taɓa yi ba, suna shi min albarka ina murmushin yaƙe.

Gwaggona ce ta gama da ni. Na nuna mata wayar ina cewa, “Gwaggo, dubi fa, mutum ɗari biyu da wani abu suka gani.” Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ɗiyag ga, cikin waɗanga ɗari biyun, mutum nawa sunka ba ki kuɗi?” Na yi shiru. Ta ce, “To ashe kallon kitse kika yi wa rogo.”

Daga baya na fahimci abin da ya sa lambar nan ke yaudara, kuma laifin ba na WhatsApp ba ne. Sitatus ɗinki ba ya zuwa ga kowa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Wato yawancin masu kallona dangi ne, da ƙawayen makarantar Islamiyya, da matan da su ma suyar suke yi suna leƙen kuɗin da na sa. Ɗan uwanki da ke Sakkwato ko Maraɗi zai kalla, zai yi addu'a, amma ba zai sayi samosa daga Tsamaye ba. Sannan wanda ke kallon sitatus ɗin wani, idan ya ƙare, wayar da kanta take wucewa zuwa na gaba. Ko ya danna ya wuce cikin ƙiftawar ido, an rubuta shi a masu kallo. Abin dariyar ma, wanda ya kashe “Read receipts” a wayarsa ba ya fitowa a jerin sam. Akwai wata Hajiya da ke ɗaukar tire uku duk shekara don gidan surukan ƴaƴanta. Na daɗe ina jin haushinta a zuci, wai ba ta kallon tallata. Ashe tana gani, sunanta ne ba ya fitowa. Wadda ta fi kowa ciniki da ni ba ta cikin lambar da nake bauta wa.

Ciwon nan ya koya min wata ɗabi'a mara kyau: yawan ɗorawa. Da na ga lambar ta ragu sai in ƙara hoto, in ƙara bidiyo, har ƴan layukan da ke saman sitatus su koma ɗigo-ɗigo. Na farko ya samu masu kallo da yawa, na goma sha wani abu sai ƴan tsiraru, kuma a can ƙarshen na rubuta kuɗin tire. Bidiyon kuwa, da irin sabis ɗinmu, sai ya yi ta juyawa yana cinye wa mutane data har su gaji su rufe. Na taɓa ɗora kaza tana tsuwa a cikin mai da ƙarfe biyu na rana, ana tsakiyar ƙishin azumi. Yayata ta bugo ta ce, “Ke, ki ji tsoron Allah.”

Yanzu na tsara abin, ba don na warke ba, sai don kada ciwon ya sake taɓa jarina. Ina farawa ranar 20 ga Ramadan, kuma ba na wuce abu uku a rana. Na farko kullum shi ne hoton tire da aka ɗauka da hasken rana, an rubuta a jikin hoton abin da ke ciki da adadinsa: samosa nawa, yankan kaza nawa, kek nawa, da kuɗin tiren. “A tuntuɓe ni don jin farashi” ba ta da amfani a wurinmu, don mace mai kunya ba za ta tambaya ba, tana tsoron kada ya fi ƙarfinta ta ji nauyi. Da yake sitatus na ɓacewa bayan awa 24, wannan hoton nake maimaitawa kowane dare bayan an sha ruwa an sauko daga asham, lokacin da mata suka huta suka ɗauki waya. Na biyu saƙon murya ne. Tun 2023 ana iya ɗora murya a sitatus, kuma ya fi min komai amfani, domin da yawa daga masu sayena ba sa karanta boko. Cikin rabin minti nake faɗin kuɗi, da ranar rufewa, da ranar karɓa. Na uku shi ne abin da ya canza a ranar: yau an murza cincin, ko saura gurbin tire huɗu. Kuma in na ce saura huɗu, to huɗun ne, don garinmu ƙarami ne, ƙarya ba ta kwana.

Sai kafin alƙalami. Da farko rabi na sa, ina ganin na yi wayo, har na sake buga lissafi. Rabin 15,000 shi ne 7,500, tiren kuwa ya ci 11,000. Idan mai oda ta fasa, ni ke da asarar 3,500. Don haka na mayar da shi 11,000, daidai abin da na kashe, cikon 4,000 ranar karɓa. Sunan da ya shiga littafina na wadda kuɗinta ya shigo ne. “Ajiye min guda biyu” ba oda ba ce, gaisuwa ce. Ina rufewa ranar 25 ga wata, in yi cefane da adadin da ke littafi, in ƙara tire ɗaya kacal saboda tsautsayi. Ranakun 26 da 27 na busassun kaya ne. Samosa da kaza suna jira, domin ba wanda ya san ko azumi 29 za a yi ko 30 sai an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Wadda ta soya kaza da yammacin 29 ga wata, aka wayi gari da azumi, ta san abin da nake nufi. Wannan ma ina faɗa a sitatus tun da wuri: ɗanyen aiki sai an ga wata, karɓa da safe.

Akwai abin da masu irin sana'ata a Kano da Kaduna ke yi wanda ni ba na yi. Suna ɗora hoton saƙon banki don a ga ana ciniki. A ƙasar Gobir ta yau, da halin tsaron da kowa ya sani, nuna shigar kuɗi neman magana ne. Ba na ɗora shi, ba na nuna ƙofar gida, ba na faɗin lokacin da yaro zai fita da kaya. Na shiga wurin da ake zaɓen masu ganin sitatus na sa “My contacts except…”, na cire duk lambar da ban san mai ita ido da ido ba. Masu kallo suka ragu sosai, raina ya sosu kamar an yi min sata, amma oda ko ɗaya ba ta ragu ba. Odar Isa ko ta cikin garin Sabon Birni kuwa ba na karɓa sai mai ita na da wanda zai zo ya ɗauka da rana tsaka.

Kada a ce na shiryu. Har gobe ina leƙa alamar idon nan, kuma idan na ga wata ta kalli hotona kwana biyar a jere ba ta ce uffan ba, sai na yi mata ƙunƙuni. Bambancin kawai, yanzu alamar ba ta bi na kasuwa. Ƴar uwa mai suya, ki kalli lambarki ki ji daɗi, ba haramun ba ne. Amma kafin ki aika a auno fulawa, ki rufe waya ki buɗe littafi, ki ƙirga waɗanda suka biya.