Kowa da Irin Taken Imel Ɗinsa: Masu Neman Aiki Daga Rurum

Tallan aiki kan iso Rurum Tsohon Gari ta WhatsApp, bayan ya ratsa wayoyi goma. Wani lokaci kamfanin shinkafa ne yake neman mai kula da sito, wani lokaci ƙungiya ce take neman malamin gona da zai zagaya Rano da Kibiya da Bunkure, tunda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ya mayar da yankin wurin noman rani. Kusan kowane irin wannan talla yana ƙarewa da layi ɗaya da Turanci, cewa a aiko da takardu ta imel, a sa sunan aikin a matsayin taken saƙo. Wannan layin shi ne ba a karantawa. Ana ganin albashi, ana ganin ranar rufewa, sai ido ya rufe.

Kafin mu shiga mutanenmu, a fara duba wanda ake aika wa. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani ofis a Kano, ta tallata ayyuka shida a mako ɗaya, kuma duk amsoshin akwati ɗaya suke faɗawa. Ba ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da take gani jeri ne: sunan mai aikowa, take, da guntun layin farko. A kwamfuta take yana iya nuna harafi sittin zuwa saba'in, a waya kuwa yawanci talatin zuwa arba'in ne, sauran a yanke. Idan ta zo tantance malaman gona, sai ta je wurin bincike na Gmail ta rubuta lambar aikin, a ce tallan ya ba shi AEO-04:

```
subject:AEO-04
```

Duk saƙon da takensa yake ɗauke da lambar zai fito. Wanda babu ita a takensa yana can a ƙasa, ba a ƙi shi ba, ba a ma san ya zo ba. Take dai kamar rubutun da ake yi a jikin buhu ne kafin a ɗora shi a motar Dawanau: ɗan dako ba zai kwance bakin buhu ya duba hatsin ba, rubutun zai bi.

Na farko a mutanenmu shi ne Mai Gaisuwa. Yaro ne mai tarbiyya, an koya masa ba a shiga gidan mutane sai da sallama, don haka ya ga akwatin `Subject` a sama ya ɗauka zaure ne. Ya rubuta `Assalamu alaikum sir` ko `Good morning sir`. Saƙon ya isa ƙarfe tara na dare, kuma wadda za ta karanta mace ce. Ba wanda zai ce sallama laifi ce, wurinta ne dai layin farko na cikin wasiƙa. A take, ba ta gaya wa jami'ar komai sai cewa mai aikowa yana da ladabi, kuma ba ladabi ta rubuta a wurin bincike ba.

Maƙwabcinsa shi ne Mai Dan Allah. Takensa `Please help me sir` ne, ko `I need job any job`. Wannan bawan Allah gaskiya yake faɗa, ya gama bautar ƙasa, ya dawo gida, damina ta wuce, ga ƙanne. Amma da ya ce kowane aiki, ya ɗora wa jami'ar nauyin ta zauna ta zaɓa masa cikin ayyuka shida, alhali ita neman hanyar rage tari take yi. Mai kula da sito da malamin gona ba takardu ɗaya ake duba musu ba, sau da yawa ma ba mutum ɗaya ne yake tantance su ba. Saƙon da bai ce ga inda ya dosa ba, babu teburin da za a kai shi.

Sai Sarkin Ihu, mai manyan baƙi: `URGENT!!! URGENT!!! OPEN NOW`. Gaggawar tasa ce, ba ta kamfani ba. Ya kuma yi rashin sa'a, don irin wannan rubutu shi ne tufafin 'yan damfara, kuma manyan baƙi da tarin alamar motsin rai suna cikin abubuwan da matatar imel kan duba kafin ta jefa saƙo `Spam`. Ko ya tsallake matata, jami'ar da aka sha gargaɗi a ofis kada ta buɗe abin da ba ta yarda da shi ba, za ta ga ihu haɗe da fayil, ta matsa gaba.

Akwai Bebe, wanda bai rubuta komai ba. Gmail ma kan tambaye shi ko da gaske zai aika babu take, ya danna eh da ƙarfin zuciya. A can sai ya bayyana da `(no subject)`. Ba sai an daɗe a kansa ba.

Wanda ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne Ɗan Turawa. Ya hau babur ya je Rano, mai shagon kwamfuta ya ɗauki hoton takardunsa ya tura masa ta imel. Tun daga ranar, duk aikin da ya gani sai ya buɗe saƙon da ya tura na ƙarshe ya danna `Forward`. Takensa yanzu ya zama `Fwd: Fwd: Fwd: scan0007`. Kowane `Fwd:` shaida ce ta wani wuri da ya nema, kuma idan jami'ar ta buɗe, tana iya ganin adireshin kamfanonin a jere a ƙasa, har da abokan gasarsu, har da ranakun. Ya miƙa tarihin neman aikinsa tare da tarihin karatunsa. Maganin ba ya cin ko kwabo: a sauke fayil ɗin a waya, a sake masa suna da sunan mai shi, a buɗe sabon saƙo kowane lokaci. Wani ƙaninsa ma daga akwatin mai shagon ake aika masa, don haka ko an so shi, kiran ganawar yana can yana jira a shago a Rano, shi kuma yana gona.

Malamin Insha'i kuwa ya yi karatu, kuma yana so a sani. Yana rubuta take yadda aka koya masa a darasin wasiƙa a sakandare:

```
Application for the position of Agricultural Extension Officer
```

Babu kuskure a Turancin. Amma a ƙirga: daga farko zuwa inda sunan aikin zai fara, an riga an cinye gurbi 32, har da tazarar kalmomi. A waya jami'ar za ta ga `Application for the position of Agri` da ɗigo uku, kuma haka saƙonni ɗari da ke sama da ƙasansa suka fara. Wurin da ido yake sauka ya cika shi da abin da kowa ya riga ya sani, wato cewa neman aiki yake yi, a akwatin da ba a aika komai sai neman aiki. Yayansa ya fi shi: shi wasiƙar gaba ɗaya yake zubawa a cikin take, daga sunan mahaifi zuwa shekarar da ya gama firamare, ya bar cikin saƙon fayau.

Kusa da shi akwai Mai Gyara wa Kamfani. Shi ya karanta umarnin, sai dai ya ga zai iya inganta shi. An ce AEO-04, ya rubuta `AEO 4`, ko ya sa harafin O a madadin sifili. An ce `Extension Officer`, ya ga `Agric Supervisor` ya fi girma a baki. Mutum zai iya gane abin da yake nufi, amma bincike ba ya gane nufi, harafi yake bi. Idan ofishin ya kafa ƙa'idar da take kwashe saƙonni masu lambar zuwa wata jaka da kanta, nasa ya tsaya a waje. Lamba irin wannan kwafo ta ake yi daga tallan a liƙa, ba a rubuta ta da ka.

Yanzu ga babban mutum, Ɗan Wane Ya Aiko Ni. Takensa `From Honourable` ne, ko `Alhaji sent me`. Wane Alhaji? A tsakanin Rano da Kibiya kaɗai alhazai nawa ne? A nan sai an yi adalci, don ambaton wanda ya gabatar da kai yana sa a buɗe saƙo, a Kano da ko'ina. Amma da sharaɗi: mutumin ya kasance wanda jami'ar ta sani a wurin aiki, ya yarda a ambace shi, a rubuta cikakken sunansa, kuma a sa shi bayan lambar aiki. Jami'ar za ta ɗaga waya ta tambaye shi. Idan ya ce, “Wa? Ban gane shi ba,” an gama. A ƙungiyoyin da suke rubuta a tallansu cewa kamun ƙafa yana soke takara kuwa, sunan ɗan siyasa a take tamkar mutum ya kai ƙarar kansa ne. Ɗan uwansa Mai Wayo shi yake sa `Re:` a farko don a zaci an taɓa magana. Ana buɗe masa, gaskiya. Sai a duba a ga babu wata magana a baya, a gane cewa abu na farko da ya yi wa kamfanin shi ne yaudara, ga shi aikin na riƙe sito ne.

Ta ƙarshe ba ta da ban dariya, shi ya sa ba a labarinta a majalisa. Ta karanta tallan har ƙasa. Ta ga sunan aiki, lamba, da cewa ana ɗauka a ƙananan hukumomi uku, sai ta rubuta:

```
AEO-04 Extension Officer, Rano - Wance Wane, ND Agric
```

Daga farko zuwa ƙarshen `Rano` gurbi 30 ne, don haka ko a ƙaramar waya lambar da aikin da garin duk sun fito. Garin yana da amfani, domin idan ana neman mutum a Rano, wani a Kibiya, wani a Bunkure, jami'ar za ta raba tarin gida uku, kuma mai zaune a Rurum ba sai an yi tunanin masaukinsa ba. Sunanta ya zo daga baya, tunda yana nan a layin mai aikowa. Shaidar karatu guda ɗaya ta sa, wadda tallan ya nema. Da tallan ya ce a sa sunan aiki kawai, da a nan za ta tsaya, ba ƙari. Ta kuma aika saƙon zuwa wani adireshinta na daban tukuna, ta duba a waya inda aka yanke shi.

A wannan gwajin ne ake kama nau'in da ya rage, wanda takensa daidai ne, lambarsa daidai ce, amma ya buɗe imel ɗin tun yana aji huɗu a sakandare. A saman takensa mai tsafta, da baƙi masu kauri, sunan mai aikowa yana cewa `Dan Gayu Na Rurum`. Ana canza shi a saitin asusun Google, wurin suna, kuma sauyin kan ɗan ɗauki lokaci kafin ya bayyana, don haka kada a bari sai daren da za a rufe karɓar takardu.